Yadda Ake Tsara Dogon Rahoto Don Kowane Mai Karatu Ya Samu Nasa

Rahoto mai shafi sittin, da wuya a samu wanda zai karanta shi daga bango zuwa bango in ba wanda ya rubuta shi ba. Ciyaman zai buɗe farko ya nemi abin da ake so ya sa wa hannu. Ma'aji zai wuce kai tsaye wurin da aka yi maganar kuɗi. Injiniya zai nemi awo da hotuna. Dagaci kuma, wanda sau da yawa karanta masa za a yi, abin da ya dame shi shi ne me aka ce game da ƙauyensa. Duk waɗannan mutane rahoto ɗaya za a miƙa musu, kuma a zaure ɗaya za su zauna su yi muhawara a kansa. Aikin mai tsarawa shi ne ya sa kowannensu ya kai ga nasa cikin minti ɗaya, sannan in ya samu ya iya nuna wa na kusa da shi da lamba, ba da "can wajen tsakiya" ba.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe, kuma alƙaluman da ke ciki na misali ne kawai. A ce wata ƙaramar hukuma ta naɗa kwamiti ya duba rijiyoyin burtsatse 30 da aka ba da kwangilarsu a mazaɓu 10. Kwamiti ya zagaya ya tarar 17 suna ba da ruwa, 8 sun lalace, 5 ba a ma kammala su ba. Kai ne sakatare, kuma a gabanka akwai bayanan zagaye, hotuna, takardun kwangila, takardun biyan kuɗi da wasiƙun 'yan kwangila.

Fara da takarda ɗaya, kafin ka buɗe kwamfuta

Ɗauki takarda ka raba ta gida uku: wane ne mai karatu, wace tambaya yake zuwa da ita, a ina zai samu amsarta. Ciyaman da kansiloli suna tambaya: me ya faru, nawa za a kashe, me ake so mu yanke? Ma'aji da odita suna tambaya: nawa aka biya wa, yaushe, da wace takarda? Injiniyan sashen ayyuka yana so ya san zurfin kowace rijiya, irin famfon da aka sa, da abin da ya lalace. Dagatai da shugabannin al'umma suna neman sunan ƙauyensu. 'Yan kwangila suna neman inda aka ambace su, don su ga ko an yi musu adalci.

In ka cika gida na uku za ka ga rahoton ya rabu da kansa zuwa hawa uku. Hawa na farko taƙaitawa ce da shawarwari, shafi biyu ko uku, ta masu yanke hukunci. Hawa na biyu jikin rahoto ne, inda ake bayanin abin da aka gani da dalilinsa. Hawa na uku rataye ne, inda hujjoji suke. Ƙa'idar da ke riƙe da su ita ce kowace magana a sama tana nuna inda gindinta yake a ƙasa: taƙaitawa ta tura ka sakin layi kaza, sakin layin ya tura ka rataye kaza. Duk mai karatun da tambayarsa ba ta samu gida ba a takardar nan, to akwai sashen da ka manta. A misalinmu, dagaci ne ya fi faɗawa wannan rami, domin in aka tsara komai bisa sunan ɗan kwangila, shi ba zai san inda ƙauyensa yake ba. Maganinsa jadawali ɗaya ne na mazaɓu da ƙauyuka, wanda za mu dawo kansa.

Kanu

Hawa biyu na kanu sun isa yawancin rahotanni: babban kai na babi, da ƙaramin kai a cikinsa. Na uku sai dole. In ka ga kana buƙatar hawa na huɗu, babin ne ya yi girma, raba shi.

Ga kwarangwal ɗin rahotonmu:

Taƙaitawa da Shawarwari
1. Aikin da Aka Ba Kwamiti
2. Yadda Aka Gudanar da Bincike
3. Halin da Rijiyoyin Suke Ciki
4. Kuɗin da Aka Biya da Aikin da Aka Yi
5. Bayanan 'Yan Kwangila
6. Shawarwari Dalla-dalla
Rataye A zuwa F

Manyan kanu su zama gajeru, masu faɗin abin da ke ciki. Ƙananan kanu kuwa, a ganina, gara su faɗi sakamako. Kan da ya ce "Famfuna" bai gaya wa kowa komai ba. Wanda ya ce "Shida cikin rijiyoyi takwas da suka lalace matsalar famfo ce" ya riga ya ba ciyaman labari ko da bai karanta abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ka gwada karanta ƙananan kanun kawai a jere. In suka ba da labarin rahoton a taƙaice, sun yi. In suka fito kamar "Gabatarwa, Bayani, Ƙarin Bayani, Sauran Batutuwa", sake su. Musamman "Sauran Batutuwa": nan ne ake binne abin da aka rasa inda za a kai, kuma sau da yawa shi ne abin da zai tayar da ƙura a taro.

A Microsoft Word, kada ka yi kai ta hanyar ƙara wa rubutu girma da kauri da hannu. Ido zai ga kai, amma kwamfuta ba ta san shi ba. Ɗora alamar rubutu a kan layin ka zaɓi Heading 1 don babi, Heading 2 don ƙaramin kai, daga akwatin Styles da ke ƙarƙashin Home. In launi ko girmansu bai yi maka ba, danna dama a kan sunan salon ka zaɓi Modify, ka gyara sau ɗaya, duk kanun rahoton su canza tare. Abubuwa uku ke rataye a kan wannan. Ƙumshiya za ta fito da kanta daga References, sannan Table of Contents. Za ka iya ganin tsarin rahoton gaba ɗaya a gefe in ka kunna Navigation Pane daga View, har ka ja babi guda ka sauya masa wuri. Kuma makaho ko mai raunin gani da ke amfani da manhajar karanta allo yana tsallakawa ne daga kai zuwa kai. In kanun na ƙarya ne, sai ya saurari shafi sittin a jere kafin ya kai inda yake so.

Lambobin sakin layi

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi samun kuskure.

Lambar shafi ba ta isa ba, domin shafi yana motsi. In aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar da ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi, ko shagon buga takardu ya taɓa gefen shafi, abin da ke shafi na 23 zai koma na 25. Sakin layi na 4.7 kuwa 4.7 ne a ko'ina, a takarda da waya, a Hausa da Turanci. Wanda ya saba da wasiƙun gwamnati a Najeriya ya san al'adar: sakin layi na farko ba lamba, na biyu ya fara da 2. Haka nan idan gwamnati ta fitar da farar takarda kan rahoton kwamitin bincike, takan bi shawarwarin ne ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta amince da wannan, ta lura da wancan, ta ƙi wancan. Rahoton da shawarwarinsa ba su da lamba ba a iya yi masa irin wannan amsa.

Hanya biyu ce. Ko dai a jera lambobi 1, 2, 3 har ƙarshen rahoto ba tare da kula da babi ba, ko a haɗa lambar babi da ta sakin layi: 3.1, 3.2, 3.3, sai babi na huɗu ya fara da 4.1. Ta farko tana da sauƙin faɗa, kuma ta dace da rahoto mai shafi goma ko goma sha biyar. Ga dogon rahoto na kwamiti na fi son ta biyu. Lambar kanta tana gaya maka babin da kake, kuma in aka ƙara sakin layi a babi na uku, lambobin babi na huɗu ba sa girgiza. Wannan yana da amfani ƙwarai idan mutane daban-daban ne ke rubuta babuka daban-daban.

Shawarata a nan ita ce ƙananan kanu kada su ɗauki lamba. Babi yana da lamba, sakin layi yana da lamba, ƙaramin kai yana tsaye a tsakaninsu a matsayin alama kawai. In ka ba ƙananan kanu lamba, sakin layi zai koma 3.2.4, abin da ke cikinsa ya koma 3.2.4.1, kuma babu kansilan da zai iya faɗin wannan a taro ba tare da ya rikice ba. Inda sakin layi yake da rassa, yi amfani da (a), (b), (c), sai a ce "4.7 (b)". Ɗigo-ɗigon jeri marasa lamba ba su da wuri a rahoton da za a yi muhawara a kansa, domin ba a iya kiran sunansu.

Lambar tana tilasta wata tarbiyya ga rubutun kansa: sakin layi ɗaya, magana ɗaya. Duba wannan:

"3.9 Rijiyar R-14 ta daina ba da ruwa saboda famfon ya ƙone, kuma an biya ɗan kwangilar kuɗinsa duka tun kafin injiniya ya duba aikin, don haka kwamiti yana ganin a daina biyan kaso na ƙarshe sai an samu takardar shaidar kammalawa."

Magana uku ce a ciki, ta mutum uku. In ciyaman ya ce "an amince da 3.9", da me aka amince? In ɗan kwangila ya ce "ina ƙalubalantar 3.9", wane ɓangare? Gyaransa shi ne a raba kowace magana a kai ta gidanta:

"3.9 Rijiyar R-14 ba ta ba da ruwa ranar da kwamiti ya ziyarce ta. Injiniyan kwamiti ya tarar famfon ya ƙone (Rataye B, Hoto na 11)."

"4.7 An biya kaso na ƙarshe na kwangilar R-14 kafin a rubuta takardar shaidar kammalawa (Rataye D, takarda ta 6)."

"Shawara ta 3: Sashen kuɗi ya daina biyan kaso na ƙarshe na kowace kwangila sai an haɗa takardar shaidar kammalawa mai sa hannun injiniya (duba 4.7)."

Yanzu injiniya yana da nasa, odita yana da nasa, majalisa tana da abin da za ta kaɗa wa ƙuri'a. Ka lura an ba kowace rijiya lamba, R-01 zuwa R-30. Wannan ya zama dole, domin ƙauye ɗaya kan samu rijiya biyu, kuma ƙauyuka biyu kan yi suna ɗaya. Ƙaramar hukuma nawa ce ba ta da Sabon Gari ko Unguwar Malamai fiye da ɗaya? Lambar nan ce za ta bi rijiyar a jikin rahoto da jadawali da hoto da takardar biya.

Shawarwari su samu jerinsu daban: Shawara ta 1, ta 2, har ƙarshe, kuma lambar da shawara ta ɗauka a babi na shida ita za ta ɗauka a taƙaitawa, da kalmomi iri ɗaya. Kada ka sake fasalin jimlar a taƙaitawa don ta yi daɗi. In kalmomin suka bambanta, wata rana za a yi gardama kan wacce aka amince da ita. Kowace shawara ta faɗi wanda zai yi aikin da lokacin da zai gama, da kuɗi in akwai: "Shawara ta 1: Sashen ayyuka ya gyara rijiyoyi 8 da suka lalace kafin watan Maris, kan kuɗi naira miliyan 9 da dubu 600 (duba 3.6 da Rataye E)."

Sa kwamfuta ta riƙe lambobin

Wanda ya buga lambobin da hannu zai gane kurensa ranar da shugaban kwamiti ya ce a ƙara sakin layi tsakanin 3.4 da 3.5. Sai ya bi sauran babin yana gyarawa, sannan ya bi duk inda aka ce "duba 3.9" a faɗin rahoton. Ko ya yi ƙoƙari, ɗaya ko biyu za su kuɓuce masa.

Ga yadda ake kafa shi a Word. Da farko ƙirƙiri sabon salo don sakin layi mai lamba, ka sa masa suna Sakin Layi. Sannan ka ɗora alamar rubutu a kan babi na farko, ka je Home, ka danna Multilevel List, ka zaɓi Define New Multilevel List, ka danna More don sauran zaɓin ya bayyana. Zaɓi hawa na 1, a akwatin Link level to style ka sa Heading 1. Zaɓi hawa na 2, ka haɗa shi da Sakin Layi, ka tabbatar lambarsa tana fitowa kamar 1.1. Hawa na 3 ka mayar da shi (a), (b), (c). Heading 2 kada ka haɗa shi da komai. Daga nan duk sakin layin da ka sa wa salon zai ɗauki lambarsa, kuma sabon babi zai mayar da ƙidaya farko. Kan Taƙaitawa, da yake ba shi da lamba, yi masa salon da za mu yi wa kanun rataye a ƙasa.

In ka ga babi na huɗu ya ci gaba da 3.18, kusan koyaushe dalilin shi ne kan babin ba Heading 1 na gaske ba ne, an yi masa kauri da hannu ne kawai. In lamba ta koma 1.1 a tsakiyar babi, galibi an kwafo sakin layin ne daga wani fayil ya zo da nasa jerin. Goge shi, ka sake mannawa da Keep Text Only, ka ɗora masa salon.

Nuni zuwa wani sakin layi shi ma kada a buga shi da hannu. Je References, sannan Cross-reference, a Reference type ka zaɓi Numbered item, a Insert reference to ka zaɓi Paragraph number, ka danna sakin layin da kake nufi. Waɗannan nune-nune ba sa sabunta kansu nan take. Bayan kowane babban gyara, danna Ctrl+A sannan F9, sai su da ƙumshiya su daidaita. In an goge sakin layin da ake nuni gare shi, wurin zai nuna `Error! Reference source not found.` Don haka kafin bugawa ka nemi kalmar `Error!` da Ctrl+F. Abin takaici ne a ga wannan jimla a tsakiyar rahoton da aka riga aka ɗinke aka miƙa wa majalisa.

Jadawali da hotuna su ma da lambarsu: References, Insert Caption, New Label, ka rubuta Jadawali, ka sake yin haka don Hoto. Sunan jadawali a samansa, na hoto a ƙasansa, kuma kowane ya faɗi abin da yake nunawa da ranar da aka ɗauka.

Rataye

Tambayar da ke raba abin da zai zauna a jikin rahoto da abin da zai koma rataye ita ce: mai karatu yana buƙatar wannan don ya fahimci maganar, ko don ya tabbatar da ita? In don fahimta ne, jiki. In don tabbatarwa ne, rataye. Jadawalin da ya nuna 17 da 8 da 5 mazaɓa-mazaɓa yana jiki. Takardun biya talatin suna rataye. Abu ɗaya da ba ya zuwa rataye ko kusa shi ne sabuwar magana: duk binciken da ya isa a kafa shawara a kansa dole ya bayyana a sakin layi mai lamba.

Ana ba rataye harafi don kada ya rikice da lambar babi, kuma ana jera su bisa yadda aka fara ambatarsu a jiki. Namu za su zama haka: Rataye A, takardar naɗa kwamiti da sharuɗɗan aikinsa; Rataye B, takardar kowace rijiya daga R-01 zuwa R-30 da hotunanta; Rataye C, jadawalin mazaɓu da ƙauyuka; Rataye D, takardun kwangila da na biya; Rataye E, ƙiyasin kuɗin gyara; Rataye F, wasiƙun 'yan kwangila. Ko da rahoton da Hausa yake, kada ka sa Ɓ da Ɗ da Ƙ a jerin. Bayan fotokofi na biyu lanƙwasar kan harafin takan dushe, Rataye Ɗ ya zama Rataye D.

Rataye C shi ne na dagaci. Layi ɗaya ga kowace rijiya: mazaɓa, ƙauye, lambar rijiya, halin da take ciki cikin kalma biyu ko uku, sakin layin da ya yi maganarta, da shawarar da ta shafe ta. Wanda ke karanta masa zai nemi sunan ƙauyen, ya ga "R-14, ta lalace, 3.9, Shawara ta 1", ya juya can kai tsaye. Shafi biyu ne kawai, amma ga rabin mutanen da ke zauren shi ne ƙofar rahoton, don haka ka ambace shi a taƙaitawa da jimla ɗaya bayyananna.

Kowane rataye ya fara a sabon shafi, da harafinsa da cikakken sunansa, sannan layi biyu ko uku da ke faɗin daga ina takardun suka fito, nawa ne, da sakin layin da suke goya wa baya. Inda rataye ya ƙunshi takardu da yawa, kamar D, lambaci kowace: takarda ta 1, ta 2, ka yi jerinsu a shafin farko. Cewa "duba Rataye D" alhali shafuka da yawa ne a ciki bai taimaki odita da komai ba. Takardun da aka yi wa fotokofi ko sikanin kada a taɓa abin da ke cikinsu, amma a rubuta a kusurwar sama ta dama "Rataye D, takarda ta 6, shafi 1 cikin 2". Ƙusar maƙala takardu takan saki, fayil yakan zube, kuma wannan ɗan rubutun ne zai mayar da kowace takarda wurinta. Ka kuma duba abin da bai kamata ya yaɗu ba, kamar lambar asusun banki ko lambar wayar wanda ya ba da shaida. A rufe shi a kofin da za a raba, a faɗa cewa an rufe, asalin ya zauna wurin sakatare.

Don kanun rataye su shiga ƙumshiya ba tare da sun ɗauki lambar babi ba, yi musu nasu salon, a akwatin Paragraph ka sa Outline level ɗinsa ya zama Level 1, ka buga harafin da hannu. Da yake da hannu ne, sai an yi bincike ta fuska biyu a ƙarshe: kowane rataye an ambace shi a jiki aƙalla sau ɗaya, kuma kowane ratayen da aka ambata yana nan da harafin da aka ce.

Jadawali mai faɗi, kamar ƙiyasin kuɗi, yana son shafi a kwance. Sa Next Page daga Layout, Breaks kafinsa da bayansa, sannan ka juya wannan sashe kaɗai zuwa Landscape. In jadawali ya wuce shafi ɗaya, zaɓi layin farko ka danna Repeat Header Rows, don wanda ke shafi na uku ya san wane gida ne kuɗin kwangila, wane ne kuɗin da aka biya.

Waya, fotokofi da harshe biyu

Yau yawancin mutane a waya za su fara ganin rahoton, an turo musu ta WhatsApp. Saboda haka PDF za ka raba, ba fayil ɗin Word ba. Wajen ajiyewa, shiga Options ka zaɓi Create bookmarks using: Headings. Sannan ka bar al'adar sa wa shafukan farko i, ii, iii. Ƙirga bango a matsayin shafi na 1, ka ɓoye lambarsa da Different First Page, ka ci gaba da ƙidaya har ƙarshen rataye. Ta haka shafi na 23 a takarda shi ne na 23 a waya. Rage nauyin hotuna kafin ka saka su, in ba haka ba fayil ɗin zai cinye datar mutane kuma da yawa ba za su sauke shi ba.

Takarda A4, rubutu mai girman 12, gefen hagu da ɗan faɗi saboda ɗinki. Kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana. Jadawalin da ya sa kore ga rijiya mai aiki da ja ga wadda ta lalace, in ya bi ta injin fotokofi duka toka-toka za su fito, don haka rubuta kalmar a gidan. In da Hausa kake rubutu, gwada irin rubutun da ka zaɓa da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu tun a shafin farko, a jiki da kanu duka, don kada su fito a matsayin akwati. A Word, buga U+0199 ka danna Alt+X yana ba da ƙ, U+0257 yana ba da ɗ, U+0253 yana ba da ɓ. Rubuta sunan kowane ƙauye iri ɗaya a ko'ina. In ya zo da ƙ a nan da k a can, mai nema a waya zai samu rabi ya rasa rabi.

Sau da yawa rahoton hukuma da Turanci yake, ko da Faransanci a Nijar, alhali muhawarar da Hausa za a yi. In ba za a fassara duka ba, a fassara taƙaitawa da shawarwari da Rataye C, a bar lambobin yadda suke. Shawara ta 3 ta zama ta 3 a harsunan biyu, ko da mai fassara ya ga haɗe biyu zai fi daɗin karatu. A faɗa kuma a shafin farko wane ne na asali in an samu saɓani.

Gwaji kafin rabawa, da gyara bayanta

Ba wa wanda bai taɓa ganin rahoton ba kofi ɗaya, ka yi masa tambaya uku daga takardar da ka fara da ita: nawa za a kashe wajen gyara, me aka ce game da ƙauye kaza, ina hujjar cewa an biya R-14 kafin a duba aikin. Kada ka taimaka masa, ka kalli hannunsa kawai. Inda ya tsaya yana juya shafuka gaba da baya, nan ne kai ko nuni ya gaza. Bayan haka ka ɗauki kowane adadi da ke taƙaitawa ka bi shi zuwa jiki da rataye. In taƙaitawa ta ce 8 sun lalace amma Rataye C ya nuna 9, ɗan kwangilar da ke neman mafita ya samu, kuma sauran rahoton ma za a fara shakkarsa.

Sa ranar fitarwa a bango da ƙasan kowane shafi, da kalmar "daftari" muddin ba a sa hannu ba. Da zarar an raba rahoton, lambobin sun daskare, domin mutane sun riga sun rubuta su a wasiƙu da bayanan taro. In dole a ƙara sakin layi bayan 4.7, a kira shi 4.7A, a buga lambar da hannu don kada jerin ya motsa. In an janye wani, a bar lambarsa a rubuta "an janye" da kwanan wata. Ƙananan kurakurai a tara su a takardar gyara guda mai faɗin sakin layi, abin da aka rubuta da abin da ya kamata, a aika wa duk wanda aka ba kofi, a kuma maƙala ta a gaban kofin da ke fayil.